Arba'in da Ɗaya

A sakatariyar ƙaramar hukumarmu ba wanda ke kirana da sunana. Malam Kaso suke ce mini, har masinja, har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa. Ni ne jami'in tsare-tsare da ƙididdiga, shekara goma sha tara a ɗaki ɗaya, da tebur ɗaya, da wata fanka mai ƙafa uku wadda sai an tokare ta take tsayuwa. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son sunan. Ko daga barci ka tashe ni ka ce in karanto maka ƙa'idar rabon kuɗi, zan karanto ban yi tuntuɓe ba.

Ga yadda take. Duk abin da ƙasa ta samu a wata, asusu ɗaya yake shiga. Gwamnatin tsakiya ta ɗebi nata, abin da doka ta ware wa ƙananan hukumomi kuma a raba shi da ma'auni, don kada wani ya ce an fifita ɗan gida. Kashi arba'in cikin ɗari daidai wa daida, babba da ƙarama. Talatin gwargwadon yawan jama'a. Goma don faɗin ƙasa, tunda mai daji da yawa hanyarsa ta fi tsada. Goma ladan wanda ya tara harajinsa da kansa. Goman ƙarshe ita ce kason buƙata, ba kowa ke ci ba, sai ƙaramar hukumar da rabin ƙauyukanta ko fiye ba su da ruwa mai tsabta. Da yake masu cin sa ba su da yawa, a wajenmu shi kaɗai ya kai kusan rubu'in abin da ke shigo mana. Da shi ake biyan ma'aikatan ƙananan asibitoci da wani sashe na malaman firamare.

Ƙauyukanmu tamanin ne. A ƙidayar da ta wuce, arba'in da ɗaya ba su da ruwa. Duk shekara biyar masu tantancewa ke zuwa daga hukumar rabo su sake ƙirgawa da idonsu, abin da suka rubuta kuma shi ke zama har wata shekara biyar. Wato da ƙauye biyu kacal muke riƙe da kason nan, kuma ni kaɗai na damu in sani.

Yayana shi ne makanikin famfo na ƙaramar hukumar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi na fari, ni auta, kuma shi ya biya mini kuɗin makaranta da abin da yake samu a aikin sifana. Mutum ne mai taurin kai irin na jaki. Idan ya ga famfon tuƙa-tuƙa ya mutu, sai ka ce gawar ɗan'uwansa ya gani a titi. Ofis ba ya ba shi ko noti, to sai ya riƙa bin 'yan gwangwan yana tsintar roba da sanda da bututu, yana cikawa daga aljihunsa. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

'Yarsa ta fari tana aure a wani ƙauye bayan dutse, mai nisan awa biyu a babur. Famfonsu ya shekara bakwai a mace, daga kududdufi suke sha, su da shanu. Tana da 'ya mai shekara huɗu, baki kamar reza, wadda Yaya ke kira Amarya. Ita kuma ta ce masa Tsoho, ta ce ba za ta aure shi ba sai ya sa haƙora, kuma sai ya kawo mata ruwan da ba ya wari. Yana dariya ya ce to, sadaki ke nan. Wata uku ya yi yana haɗa kaya, ya je ya tayar da famfon. Da ya ga kayan sun yi saura, ya tsallaka ƙauyen da ke kusa ya tayar da nasu.

A ofishina ya ba ni labari, yana shan shayi a kofina, hannunsa duk baƙin mai.

“Auta, da ka ga Amarya! Ta kama hannun famfo tana lilo, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta ce saura haƙora.”

Na yi dariya, na yi masa barka. Sai da ya fita na yi lissafi. Arba'in da ɗaya, a cire biyu, saura talatin da tara. Rabin tamanin arba'in ne. Kuma wasiƙa ta riga ta zo cewa masu tantancewa na nan tafe cikin wata mai kamawa.

Da na yi shiru, da ba wanda ya sani sai sun zo. Amma ina! Ni ne fa Malam Kaso. Shekara goma sha tara ina jiran ranar da za a san amfanina. Na ɗauki fayil na haye sama wajen Ciyaman har ina haki.

Ciyaman ɗinmu mutum ne mai fara'a, irin wanda zai yanka ka yana tambayar lafiyar iyalinka. Ya saurare ni yana yanke farce. Da na gama ya ce:

“Wato yayanka ya ci mana rubu'in kasonmu da sifana.”

“Ranka ya daɗe, ba da gangan ba ne.”

“Wa ya ce da gangan ne? Mutumin kirki ne. Su ne ai suka fi ɓarna.” Ya hure farcen daga kan tebur. “An rubuta gyaran a fayil?”

“Ba a rubuta ba. Da kuɗinsa ya yi.”

“Madalla. To ba a yi ba ke nan. A cire kawunan famfunan a kawo sito. Mako guda. Baƙi su zo su ƙirga su tafi, a mayar.”

Na ce ko ɗaya ya isa, tunda arba'in ma rabi ne. Ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Ya ce shi ba ya tsayuwa a bakin rami, duka biyun za a cire, lissafi ya koma yadda yake a takardar da baƙin ke riƙe da ita. Ya ce kuma wanda ya ɗaura shi zai kwance, don in aka tura wani, mutanen ƙauye za su fasa masa kai.

“Kai za ka gaya masa,” in ji shi. “Jini ɗaya ne, zai fi ji.”

Na same shi da hantsi a rumfarsa ta bayan sakatariya yana wanke wata bawul ta cikin famfo a kwano. Da na faɗa masa, bai ɗago ba.

“Ka sha wani abu ne?”

“Yaya, ka saurare ni.”

“Ka fita mini daga rumfa kafin in manta uwarmu ɗaya.”

Ban fita ba. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi masa abin da na fi iyawa. Na lissafa masa asibitoci goma sha huɗu da za a rufe. Na lissafa masa ungozomomi, da malamai, da masu gadi, na kira wasu da ya sani, har da wadda ta karɓi haihuwar Amarya. Na ce shekara biyar fa, Yaya, ba wata biyar ba. Mata nawa za su haihu a kan hanya? Mako guda na ruwan kududdufi, wanda suka shekara bakwai suna sha, shi za ka auna da wannan? Wallahi na yi magana mai kyau ranar. Har ni kaina na burge kaina.

Ya daɗe yana juya bawul ɗin a hannu.

“Wace irin doka ce wannan, da za ta hukunta mutum don ya sha ruwa?”

“Ba hukunci ba ne. So ake kuɗin ya je inda aka fi wahala. In kun fita daga wahala, a ba na bayanku.”

“To mun fita ne?”

“A takarda kun fita.”

Ya yi tsaki. Sannan ya ce, “Ka tabbata, Auta? Ka duba da kyau? Ni ban yi boko ba, kai na sa ka yi.”

Na ce, “Yaya, ni fa ake kira Malam Kaso.”

Ranar Talata muka tafi ƙauyukan biyu da motar ofis, muka fara da na bayan dutse. Ni na tsaya wajen mai gari ina yi masa bayani, ina koya masa abin da zai ce in baƙi sun tambaya: famfo ya shekara bakwai a mace. Yaya kuma ya durƙusa yana kwance notin da ya ɗaura da hannunsa. Mata suka kewaye shi da bokitai. 'Yarsa ta tsaya can gefe da goyon ciki, ta ce, “Baba, lafiya?” Ya ce gyara ne, mako guda. Amarya kuwa ta zo ta riƙe ƙugu a gabansa.

“Tsoho, ka fasa auren ne?”

“Ban fasa ba, Amarya. Aro na yi.”

“To in ka daɗe zan auri mai babur.”

Kowa ya yi dariya, har shi. Muka zaro sanduna da bututu muka loda, ya toshe bakin rijiyar da farantin ƙarfe, ya barbaɗa ƙasa a kan simintin don ya yi kama da abin da aka daɗe da bari. Shi ya yi tunanin ƙasar ma, ba ni ba. Duk aikin da ya sa hannu sai ya yi shi da kyau.

Mako ya wuce, baƙi ba su zo ba. Aka ce motarsu ta lalace. Wani mako, aka ce ba a sake musu kuɗin tafiya ba. Sannan aka ce sun fara da wani yanki. Kullum da safe Yaya na bakin ƙofata.

“Auta, yaushe?”

“Sun kusa.”

A mako na biyar ruwan sama ya sauka, ya wanke duk ƙazantar gari ya zuba a kududdufi. Yaya ya hau sama da kansa ya roƙi Ciyaman a mayar da ko da na bayan dutse, in baƙi sun taso ya je ya cire cikin awa uku. Ciyaman ya ba shi lemo mai sanyi, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo, ya ce masu tantancewa ba sa sallama, faɗowa suke yi. Da Yaya ya fita, ya sa aka canza kwaɗon sito, ya jefa makullin a aljihunsa.

Ni kuma me na yi? Na ce wa Yaya ya yi haƙuri, an kusa. Na ce ya aika musu su riƙa tafasa ruwa. Kamar itacen girki a banza ake samu.

A mako na bakwai amai da gudawa ya shiga ƙauyukan biyu. Mutum goma sha ɗaya suka tafi, takwas yara. Amarya ta fara da safe, kafin a sami babur a kai ta asibitin da muke cewa muna ceto, la'asar ta yi, kuma ba ta kai ba. A hannun uwarta ta cika, a kan hanya, daidai gangaren dutse.

Na je gaisuwa. Yaya na zaune a kan tabarma, ya rame kamar an tsotse shi. 'Yarsa ta fito, ta gaishe da kowa, ta tsallake shi, ta tsallake ni. A gaban mutane ta ce, ba da ƙarfi ba, “Baba, an gama gyaran?” Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji kunya da tsoro, amma ko a lokacin, Allah ya gani, wani gefe na zuciyata yana cewa asibiti goma sha huɗu sun fi. Da wannan lissafin nake samun barci.

Baƙin suka iso a mako na tara. Su uku ne, shugabarsu wata mata mai tabarau, ba ta da wasa, ko ruwan ofishinmu ba ta sha ba don kada a ce. Kwana shida suna zagaye. A bayan dutse mai gari ya faɗi abin da na koya masa, bai yi kuskuren kalma ba. Ta duba farantin ƙarfe da ƙasar da ke kai, ta rubuta. Ta ga sababbin kaburbura, ta cire tabarau ta goge, ta ce wannan shi ya sa aka yi kason buƙata.

Ranar ƙarshe aka taru a ɗakin taro, Ciyaman da kansiloli da shugabannin sassa. Ta ce arba'in da ɗaya, kamar wancan karo, kasonmu na nan. Kansiloli suka yi tafi. Ciyaman ya kashe mini ido.

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce:

“Ni ban ga abin tafi ba. Shekara biyar kuna karɓar kuɗin ruwa, ko ƙauye ɗaya bai ragu ba. Kuma ga dama kun bari ta wuce. Da ko biyu kuka gyara, da yanzu kuna cikin masu cin gyaran fuskar da aka yi.”

Ciyaman ya ce, “Wane gyaran fuska, Hajiya?”

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce hukumar rabo ta daɗe da gane cewa tsohuwar ƙa'ida tana sa mutane su rungumi talaucinsu, don duk wanda ya tsallake layin rabi sai ya faɗi. Shi ya sa aka gyara ta bara. Yanzu wanda ya sauka ƙasa da rabi ba ya rasa komai har shekara biyar, bayan nan ma a hankali ake janyewa. Sannan duk ƙauyen da aka fitar daga jerin marasa ruwa akwai ladan ƙwazo a kansa, ƙari a kan kason. Ta ce an aika wa kowace ƙaramar hukuma takarda wata bakwai da suka wuce, ofishin tsare-tsare, kuma ga sa hannun wanda ya karɓa.

Ba sai ta nuna ba. Na san hannuna.

Na tuna ambulan ɗin. Na buɗe, na ga kan takardar, ƙa'idar rabon kuɗi, na ga arba'in, talatin, goma, goma, goma, na ce yo wannan ai ni zan koya musu. Shafi huɗu ce. Ban juya ba. Da aka tashi na sauka ofis da gudu ina zazzage fayil, ban same ta ba, sai da na durƙusa. Tana ƙarƙashin ƙafar fanka, na ninke ta huɗu na tokare. Wata bakwai tana nan tana ba ni iska. Maganar tana shafi na uku, sakin layi na biyu, har an ja mata layi.

Ina durƙushe Ciyaman ya shigo, shi da bai taɓa taka ofishina ba. Ya rufe ƙofa. Na ɗauka mari zai kai mini. Sai ya karɓi takardar, ya karanta a tsanake, ya fashe da dariya har yana dafa bango.

“Malam Kaso! Kai, Allah ya yi abin kallo a nan.” Ya share hawaye. “To ka ji. Ni ban ga takardar nan ba, kai ma ba ka gan ta ba. In ta fita, kai ka sa hannu, yayanka ya kwance famfo, mutum goma sha ɗaya suka mutu. Ni lemo kawai na ba shi. Ka gane?”

Na ce na gane.

“Kuma ba a yi asara ba. Tunda yanzu gyara na da lada, sai mu gyara. A yi wa famfunan nan fenti.”

Haka aka yi. Aka fitar da su daga sito, aka shafa musu shuɗin fenti, aka rubuta a fayil cewa sababbi ne, aka fitar da kuɗin sababbi. Bayan mako biyu aka kafa rumfa a bayan dutse, da kujerun roba da lasifika da ƙyalle mai hoton Ciyaman. Ni aka ba ni takardar yabo da ƙarin girma, saboda na kare kason ƙaramar hukuma. Na karɓa da hannu biyu.

Yaya aka sa ya mayar da famfon. Tun safe yake durƙushe a rana yana zura sanduna, kansiloli na wucewa ta kansa. Ciyaman ya yanka zare, ya tuƙa sau uku, ruwa ya zubo, aka yi tafi, ya yi jawabi a kan yaran da aka rasa har muryarsa na rawa. 'Yar Yaya ba ta fito ba. Tun ranar gaisuwa ba ta sake yi masa magana ba, ko da ta haihu ba ta aika masa ba.

Da motoci suka tafi, muka rage ni da shi. Yana tattara sifanu yana jerawa a jaka, kowanne a gurbinsa. Yara suka zo suna lilo a hannun famfon, ya juya musu baya.

“Auta.”

“Na'am, Yaya.”

“Kason ya zo?”

“Ya zo.”

“Asibitocin ba za a rufe ba?”

“Ba za a rufe ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana goge sifana ɗaya da ta riga ta fita tas. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake mini ina yaro in na kawo sakamakon jarrabawa, shi bai iya karantawa ba, sai abin da na ce masa.

“Kullum ina lissafawa, in ba haka ba zan haukace. Goma sha huɗu ka ce ko? Da ban cire ba, da duk an rufe su. Ko ba haka ba?”

Takardar tana aljihun rigata, a ninke huɗu. Tun ranar nake yawo da ita, na kasa yagawa, na kasa ajiyewa. Ina jin gefenta yana sukar ƙirjina.

Na ce, “Haka ne, Yaya. Da duk an rufe.”

Ya ce, “To alhamdu lillahi da na sa ka a makaranta.” Ya rataya jakarsa, ya ce in zo ya rage mini hanya.